Me ke haddasa girgizar ƙasa, kuma me ya sa take yawan afka wa wasu yankuna ta bar wasu?

Da asubahin ranar Litinin 6 ga Fabrairun 2023, da ƙarfe 4:17 agogon Turkiyya, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya. Bayan kimanin awa tara, ana tsaka da tono mutane daga ƙarƙashin ɓaraguzai, sai wata mai maki 7.5 ta biyo baya a kusa da garin Elbistan. Mutanen da suka rasu a ƙasashen biyu sun haura dubu 50, cikinsu har da ɗan wasan ƙwallon ƙafa na Ghana, Christian Atsu, wanda gini ya rufta da shi a birnin Antakya. Bayan wata bakwai, a watan Satumba, wata girgizar mai maki 6.8 ta auku a tsaunukan Atlas na Maroko, ta halaka kusan mutum dubu uku.

A duk lokacin da irin wannan labari ya zo, tambayoyin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Me ke girgiza ƙasa? Me ya sa kullum sunayen Turkiyya da Iran da Japan da Indonesiya ake ji? Mene ne ma'anar "maki" da 'yan jarida ke ambata? Sannan motsin ƙasar da mazauna Mpape a Abuja suka ji a 2018, shi ma ɗanjuma ne da ɗanjummai, ko wani abu ne daban? Ga mai imani, duk wannan ikon Allah ne, kuma binciken masana bai zo don ya yi jayayya da hakan ba. Abin da suke bibiya shi ne sababin da abin ke biyowa ta kansa, kuma girgizar Turkiyya ta fito da wannan sababi fili fiye da yawancin waɗanda aka gani a baya.

## Ƙasar da muke takawa ba dunƙule ɗaya ba ce

Daga doron ƙasa zuwa tsakiyar duniya tafiyar kusan kilomita 6,400 ce, kuma zafi na ƙaruwa gwargwadon zurfi. Saman duniya, wato kimanin kilomita 100 na farko, dutse ne mai tauri da sanyi. Sai dai wannan ɓawo mai tauri a tsattsage yake, ya rabu zuwa manyan gutsattsari da masana ilimin ƙasa ke kira farantai. Akwai farantin Afirka, da na Turai da Asiya, da na Larabawa, da na tekun Fasifik, da na Indiya, da wasu ƙanana da dama. Kowannensu yana ɗauke da ƙasashe ko tekuna ko duka biyun.

A ƙarƙashin farantan akwai dutse mai tsananin zafi. Ba narkakke ba ne kamar yadda ake yawan zato, amma zafi da nauyin da ke kansa sun sa yana iya malala a hankali cikin dubban shekaru. A kan wannan shimfiɗa farantan ke tafiya. Babban abin da ke jan su shi ne nauyin kansu: inda gefen faranti ya tsufa ya yi sanyi ya yi nauyi, sai ya nutse cikin zurfin duniya, ya jawo sauran jikinsa a baya. Tafiyar ba ta wuce 'yan santimita a shekara, kuma a yau ana auna ta kai-tsaye da na'urorin GPS da ake kafewa a jikin dutse.

Wani masani Bajamushe, Alfred Wegener, ya kawo ra'ayin cewa nahiyoyi na motsi tun 1912, amma akasarin takwarorinsa suka yi watsi da shi domin bai iya nuna abin da ke tura su ba. Sai a shekarun 1960, bayan an zana taswirar ƙasan tekuna, hujjoji suka taru har aka amince.

## Yadda santimita ɗaya ke zama mita biyar

Da a ce farantan na zamewa a jikin juna sumul, da babu girgizar ƙasa mai kisa. Matsalar ita ce inda suka haɗu akwai dogayen tsagogi a cikin dutse, kuma fuskokin tsagar biyu suna manne da juna saboda nauyi da kaushin dutsen. Jikin farantin can nesa yana ci gaba da tafiyarsa, amma bakin tsagar ya cije. Dutsen da ke gefenta sai ya riƙa lanƙwasa kaɗan-kaɗan yana tara ƙarfi, kamar busasshen karan dawa da ake tanƙwarawa a hannu: ya daɗe yana jurewa, sannan ya karye farat ɗaya. Ranar da ƙarfin da ya taru ya rinjayi riƙon tsagar, gefen biyu sai su fizge su wuce juna cikin daƙiƙoƙi. Wannan fizga ita ce girgizar ƙasa. Masanin da ya fara tsara wannan bayani shi ne Harry Fielding Reid, bayan ya nazarci yadda shinge da hanyoyi suka goce a girgizar San Francisco ta 1906.

A Turkiyya abin ya fi fitowa sarai. Farantin Larabawa, wanda ke ɗauke da Saudiyya da Iraki da Siriya, yana turawa arewa yana matse farantin Turai da Asiya. Tsakaninsu akwai ƙaramin farantin Anatoliya, wanda mafi yawan ƙasar Turkiyya ke kai. Da yake an matse shi, sai yake sulalewa yamma, wajen tekun Girka, da kimanin santimita 2 a shekara. Yana wannan sulalewa ne a kan manyan tsagogi biyu. Ɗaya ta bi arewacin ƙasar daga gabas har zuwa tekun Marmara kusa da Istanbul. Ɗayar, tsagar Gabashin Anatoliya, ta gangaro kudu maso yamma ta wajen Kahramanmaras har zuwa lardin Hatay. Ita ce ta fashe a 2023.

Lissafin mai sauƙi ne. Gefen wannan tsaga biyu suna neman wuce juna da kusan santimita ɗaya a shekara. Idan wani sashe nata ya cije bai motsa ba har shekara 500, bashin da ya taru ya kai santimita 500, wato mita 5. A asubahin 6 ga Fabrairu an biya irin wannan bashi cikin abin da bai kai minti biyu ba. Fashewar ta fara a wuri guda a ƙarƙashin ƙasa, a zurfin da bai kai kilomita 20 ba, sannan ta ruga tare da tsagar ta ɓangarori biyu har tsawon kimanin kilomita 300. Da gari ya waye, an ga titunan mota da suka rabu biyu, rabi ya goce daga rabi da mitoci, an ga layin dogo ya karkace, an ga gonakin da jerin itatuwansu ya tsinke ya ci gaba a gefe.

A nan akwai wani abu da taswirorin labarai ke ɓoyewa. Sukan sa ɗigo ɗaya su ce nan ne cibiyar girgizar. Ɗigon yana nuna inda fashewar ta soma ne kawai. Babbar girgiza layi ce mai tsawo, kuma duk garin da ke kusa da layin yana shan jijjiga mai tsanani ko da yana nesa da ɗigon. Abin da ya sa ke nan Antakya, wadda ke da nisan fiye da kilomita 100 daga inda abin ya fara, ta kasance cikin biranen da suka fi rugujewa.

Girgiza ta biyu ma tana da bayani. Idan tsaga ta saki ƙarfinta, ba ɓacewa yake yi duka ba, wani kaso yana komawa kan tsagogin da ke maƙwabtaka. Wadda ta riga ta kusa karyewa sai wannan ƙari ya ƙarasa ta. Haka ya faru da wata tsaga daban da ke arewa, ta fashe da rana. Dubban ƙananan girgiza da suka biyo baya cikin watanni su ma daga wannan daidaituwar dutse suka fito, kuma a bisa al'ada suna raguwa da tafiyar lokaci. Tsagar arewa ta nuna irin wannan miƙa wa juna a tsawon shekaru: daga girgizar Erzincan ta 1939, wadda ta kashe fiye da mutum dubu 30, manyan girgiza sun riƙa matsawa yamma sashe bayan sashe, har zuwa ta Izmit a 1999 da ta kashe sama da dubu 17. Sashen da ke ƙarƙashin tekun Marmara, daf da Istanbul, shi ne bai saki ba tukuna, kuma shi ya sa masanan ƙasar ba sa daina maganar birnin.

## Abin da "maki" ke nufi

Idan tsaga ta fashe, jijjigar na bazuwa cikin dutse a matsayin igiyoyi. Ta farko, wadda ake wa laƙabi da P, tana gudun kimanin kilomita 6 a daƙiƙa, kuma ba ta cika ɓarna ba. Mutane kan ji ta kamar bugu ko rugugi. Ta biyu, S, tana gudun kusan kilomita 3 da rabi a daƙiƙa, ita ce ke kaɗa gini hagu da dama. Daga tazarar da ke tsakanin isowarsu ake gane nisan girgizar: kowace daƙiƙa ɗaya ta tazara tana daidai da kimanin kilomita 8. Idan tashar awo ta ga S ta iso daƙiƙa 10 bayan P, to abin ya faru ne a nisan kusan kilomita 80. Da tashoshi uku a wurare daban-daban ake fitar da ainihin wurin.

Makin kuwa awo ne na girman fashewar kanta. Charles Richter ne ya ƙirƙiro ma'aunin farko a 1935, kuma har yau ana cewa "ma'aunin Richter", ko da yake don manyan girgiza masana sun koma wani ma'auni da ke lissafa faɗin tsagar da ta fashe da nisan da ta goce. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne makin ba ya hawa ɗaya bayan ɗaya kamar kilo a sikeli. Ƙarin maki ɗaya na nufin ƙarfin da aka saki ya ninka kusan sau 32. Ƙarin maki biyu kuwa sau 1,000 ne. Don haka girgizar Turkiyya mai 7.8 ta fi ta Maroko mai 6.8 ƙarfi kusan sau 32, duk da cewa a rubuce bambancin lamba ɗaya ce. Idan aka kwatanta ta da ƙaramin motsi mai maki 3, wanda iyakarsa ya kaɗa tagogi ya firgita mutane, ninkin ya haura miliyan goma. Mafi girma da aka taɓa aunawa ita ce ta ƙasar Chile a 1960, mai maki 9.5.

Maki ɗaya ne ga kowace girgiza, amma tsananin jijjigar da mutane ke ji ya bambanta daga gari zuwa gari, har daga unguwa zuwa unguwa. Ya danganta da nisa, da zurfin fashewar, da irin ƙasar da aka yi gini a kai. Girgiza mai maki 7 a zurfin kilomita 500 na iya wucewa ba tare da ta rushe ko ɗaki ba, alhali mai maki 6 a zurfin kilomita 10 ƙarƙashin gari tana iya zama bala'i.

## Dalilin da ya sa ba a raba ta daidai ba

Idan aka zuba ɗigon duk girgizar da aka auna a kan taswirar duniya, ba sa warwatsuwa ko'ina. Suna jeruwa ne a kan siraran layuka, kuma layukan su ne iyakokin farantai. Wannan ita ce amsar tambayar a taƙaice: ƙasar da ke kan iyaka tana girgiza, wadda ke tsakiyar faranti tana samun sauƙi. Sai dai iyakokin ma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Mafi haɗari ita ce inda faranti ke nutsewa ƙarƙashin wani. A gabashin Japan, farantin Fasifik na shiga ƙarƙashin ƙasar da kimanin santimita 8 zuwa 9 a shekara, wato bashin na taruwa da sauri sau takwas ko tara fiye da na tsagar Gabashin Anatoliya. Bugu da ƙari, fuskar da farantan biyu ke haɗuwa a kwance take, mai faɗin gaske, don haka idan ta fashe yanki ne mai tsawon ɗaruruwan kilomita da faɗin ɗaruruwa ke motsawa lokaci guda. Duk girgizar da aka auna ta kai maki 9 a irin wannan wuri ta faru, kamar Chile a 1960, Alaska a 1964, Sumatra ta Indonesiya a 2004, Japan a 2011. Da yake fashewar a ƙasan teku take, tana ɗaga ruwan da ke samanta, shi ne ke haifar da ambaliyar tsunami. Ta 2004 ta kashe fiye da mutum dubu 200 a ƙasashe sama da goma, har gaɓar Somaliya sai da ta taɓa. Irin waɗannan iyakoki sun kusa zagaye tekun Fasifik, tare da jerin duwatsu masu aman wuta, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na manyan girgizar duniya a wannan zobe suke aukuwa.

Layi na biyu shi ne wanda ya taso daga tekun Bahar Rum, ya ratsa Italiya da Girka da Turkiyya da Iran da Afganistan har zuwa tsaunukan Himalaya. A nan nahiyoyi ne ke karo da juna, kuma da yake dutsen nahiya ba shi da nauyin da zai nutse, sai ƙasar ta tattare ta zama tsaunuka, ta kuma farfashe zuwa tsagogi masu yawa a faffaɗan yanki. Girgizar wannan layi ba ta cika kai ta Fasifik girma ba, amma ba ta da zurfi kuma tana faruwa a ƙarƙashin garuruwa masu cunkoso. Ta Nepal a 2015 da ta Maroko a 2023 duk daga wannan matsi suka fito.

Inda farantai ke rabuwa da juna kuwa, kamar tsakiyar tekun Atlantika ko Gabashin Afirka daga Habasha zuwa Kenya da Tanzaniya da Malawi, ana samun girgiza sau da yawa, amma galibi matsakaiciya ce, domin dutsen wurin yana da zafi kuma siriri ne, ba ya iya tara ƙarfi mai yawa kafin ya saki.

## Ina Afirka ta Yamma ta tsaya?

Najeriya da Nijar da Ghana da Chadi suna can cikin farantin Afirka, nesa ƙwarai da kowace iyaka. Mafi kusa su ne ta tsakiyar Atlantika da ta Bahar Rum. Dutsen da ke ƙarƙashin Kano da Zariya da Abuja tsoho ne, ya daskare tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Wannan ne ya sa mutum zai iya tsufa a ƙasar Hausa bai taɓa jin ƙasa ta motsa ba.

Amma ƙarancin haɗari ba rashinsa ba ne. Tsohon dutse yana ɗauke da tsofaffin tsagogi, kuma matsin da ke fitowa daga iyakokin faranti yana ratsa jikinsa gaba ɗaya, yana taruwa sannu a hankali a waɗannan wurare masu rauni. A watan Yunin 1939 girgiza mai kimanin maki 6.5 ta afka wa Accra, ta kashe mutum 17. A Disamban 1983 wata mai maki sama da 6 ta halaka ɗaruruwan mutane a arewa maso yammacin Gini. A Najeriya an ji motsi a yankin Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi ta ƙaramar hukumar Jaba a jihar Kaduna a 2016, da Mpape da kewayenta a Satumban 2018, sannan aka sake ji a Mpape a Satumban 2024. Duk na Najeriya ƙanana ne.

A kan na Abuja masana ba su yi baki ɗaya ba. Wasu na ganin tsofaffin tsagogi ne ke motsi da kansu, suna nuni da doguwar tsagar da ake kira Ifewara zuwa Zungeru, wadda ta taso daga kudu maso yamma ta nufo arewa. Wasu kuma sun fi ɗora alhakin a kan ayyukan mutane: fasa dutse da nakiya da aka daɗe ana yi a Mpape, da yawan haƙa rijiyoyin burtsatse da zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa. Bayan motsin 2018 hukumomin Abuja sun dakatar da fasa dutse a yankin na wani lokaci.

Kowane ɓangare na da abin kafa hujja. An tabbatar a wasu ƙasashe cewa aikin ɗan Adam na iya tayar da girgiza. A jihar Oklahoma ta Amurka, tura gurɓataccen ruwan rijiyoyin mai cikin zurfin ƙasa ya jawo yawaitar girgiza, har da mai maki 5.8 a 2016. A Koyna ta Indiya, girgizar 1967 ta biyo bayan cika wata babbar madatsar ruwa. Sai dai a waɗannan wurare ma tsagar tana nan tun asali da ƙarfinta a tare, aikin mutum ya gaggauta sakinta ne. Kuma rijiyar burtsatse ta gida, mai zurfin mita 50 ko 100, ba ta kusa da zurfin kilomitocin da girgiza ke farawa ba, abin da ke raunana hujjar masu ɗora laifin a kanta ita kaɗai. Abin da zai raba gardama shi ne awo. Fashewar nakiya a saman ƙasa take, a lokutan aiki, kuma zanen da take bari a na'ura ya bambanta da na gocewar tsaga. Ana buƙatar tashoshi da yawa kusa da wurin kafin a iya fitar da zurfin motsi daidai. Najeriya na da cibiyar da ke wannan aiki a Toro ta jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA, kuma hukumar binciken ƙasa ta NGSA ita ma tana da nata na'urori, amma tashoshin sun yi kaɗan ga ƙasa mai wannan faɗi.

## Za a iya sanin ranar da za ta zo?

Masana na iya faɗin wuri, suna iya ƙiyasta girma, amma ba su iya faɗin rana. An daɗe da sanin cewa tsagar Gabashin Anatoliya ta tara ƙarfi, kuma taswirar haɗari ta gwamnatin Turkiyya ta nuna yankin a cikin mafi haɗari tun kafin 2023. Babu wanda ya san cewa 6 ga Fabrairu ce. Dalili shi ne fashewar na farawa ne a zurfin da ba a iya kai na'ura, kuma babbar girgiza da ƙarama iri ɗaya suke somawa.

Masu ganin za a iya hasashe sukan kawo misalin Haicheng ta ƙasar Sin, inda aka fitar da mutane daga gidaje kafin girgizar 1975 saboda ƙananan motsi da suka gabace ta. Masu ja da su sukan amsa da abin da ya faru shekara guda bayan nan: girgizar Tangshan ta 1976 ta zo ba tare da gargaɗi ba, ta kashe aƙalla mutum dubu 240. Yawancin manyan girgiza ba sa aiko da alama, kuma yawancin ƙananan motsi ba sa haifar da babba. Saƙonnin da ke yawo a wayoyi masu cewa ƙasa kaza za ta girgiza ranar kaza ba su da madogara a kimiyya.

Abin da ake iya yi shi ne gargaɗin daƙiƙoƙi. Da yake saƙon lantarki ya fi igiyar S sauri nesa ba kusa ba, tashar da ta ji P na iya aika sanarwa garuruwan da ke gaba. A Japan da Meziko wannan na ba mutane daga daƙiƙa kaɗan zuwa kusan minti ɗaya, gwargwadon nisa, wanda ya isa a tsayar da jirgin ƙasa ko a fake ƙarƙashin tebur. Wanda ke daidai kan tsagar ba ya samun komai daga wannan tsari.

## Abin da ke raba yawan mamata

A Janairun 2010 girgiza mai maki 7.0 ta kashe mutum fiye da dubu 100 a Haiti, wasu ƙididdigar ma sun ninka haka. Wata ɗaya da rabi bayan nan, mai maki 8.8 ta afka wa Chile, wadda ƙarfinta ya ninka na Haiti kusan sau 500, amma mamatan ba su wuce ɗari biyar da 'yan kai ba. Wani ɓangare na bambancin daga nisa da zurfi ya fito, domin ta Haiti daf da babban birnin ƙasar ta fashe. Babban ɓangaren kuwa gini ne: Chile ta daɗe da dokokin gini masu tsauri da ake aiki da su.

Gini na yau da kullum an tsara shi ne ya ɗauki nauyi daga sama zuwa ƙasa. Girgiza kuwa daga gefe take turo shi. A Turkiyya injiniyoyi sun ga kurakurai iri ɗaya suna maimaituwa a benayen da suka rufta: kankare mara ƙarfi, rodi mai santsi wanda ba ya kama siminti, zobban rodin da ke ɗaure ginshiƙi an sa su nesa da juna, da kuma hawan ƙasa da aka mayar shaguna aka cire bangaye don a sami fili. Irin wannan hawa shi ke fara durƙushewa, sai sauran su sauko a kansa ɗaya bisa ɗaya. Ƙasar tana da dokokin gini masu kyau, an sabunta su a 2007 da 2018, amma gwamnati ta sha yin afuwa ga gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba idan mai su ya biya kuɗi, ta baya-bayan nan kafin girgizar a 2018.

Ita ma ƙasar da aka ɗora ginin tana da nata rabo. Laka da yashi mai ruwa suna ƙara girman jijjiga, wani lokaci ma yashin kan saki ya koma kamar ruwa, gini ya nutse ko ya kife. Antakya na zaune ne a kwarin kogin Asi, a kan ƙasa mai taushi. A lardin Hatay ɗin dai akwai garin Erzin, inda ba a sami rugujewar gini mai kisa ba. Shugaban garin ya danganta hakan da ƙin yarda da ginin da ya saɓa doka, yayin da masana ilimin ƙasa suka ƙara da cewa garin na kan ƙasa mai tauri, gidajensa gajeru ne, kuma jijjigar da ta isa can ba ta kai ta Antakya ba. A ƙauyukan Atlas na Maroko kuwa gidajen laka da dutse ne suka rufta kan mutane da dare, domin bango mai nauyi da ba a ɗaure shi da komai ba ba ya jure turi daga gefe.

Ga mazaunin Abuja ko Kaduna ko Accra, abin da wannan ke nufi shi ne yiwuwar babbar girgiza irin ta Turkiyya kaɗan ce ƙwarai, domin babu tsagar da ke tara santimita a shekara a ƙarƙashinsa. Mai matsakaicin ƙarfi kuwa ta taɓa faruwa a yankin, kuma Accra ta yau, da benayenta da unguwannin da aka gina a kan fadama da cikon ƙasa, ta ninka ta 1939 sau da yawa. A Najeriya benaye na rushewa a Legas da Abuja da Kano ba tare da ƙasa ta motsa ba, saboda rage siminti da rodi da ƙara hawa a kan harsashin da ba a yi shi don haka ba. Ginin da ke tsaye da ƙyar a ƙarƙashin nauyin kansa, girgiza mai maki 5 a kusa da shi ta isa ta kayar da shi.